Shafi Takwas a Rana

Shekara arba'in da ɗaya Zalihatu ta yi a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. Ba gaba suke yi ba. Ita ce 'yar fari, shi kuwa Malam Tanimu mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. Ana yaye ta ya miƙa wa yayarsa, Gwaggo Tsahara, a Tibiri, can ta girma. Idan magana ta zama dole tsakaninsu, sai ya zuba wa bango ido ya ce, "An tashi lahiya?" kamar bangon yake gaisarwa. Ko shekarar da aka yi masa canjin aiki zuwa makarantar Tibiri, ta faɗo ajinsa na shida, idan yana kiran suna ya zo kan nata sai ya ɗaga ido, ya ga tana nan, ya sa alama ya wuce.

Abu ɗaya ta riƙe daga wannan shekarar: ta zo ta biyu. Wani Idirisa ya fi ta da rabin maki, aka ba shi kyautar littafin taswirori a gaban iyayen yara, ita kuma mahaifinta ya ce, yana duban allo, wadda ta zo ta biyu ta rage sakaci. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a ajinsa ba. Ta girma, ta zama malamar lissafi a wata kwaleji cikin Maraɗi, ta auri wani ɗan kasuwa mai suna Maman Lawali suna zaune a unguwar Zariya, amma har yanzu idan ta gama raba lamba sai ta sake dubawa sau biyu.

Saboda haka da ƙaninta Hafizu ya kira ta bayan ƙaramar salla ya ce Baba na nemanta a ƙauyen Jiratawa, ita kaɗai, nan take ta kama hanya. Ta ɗauka ciwo ne.

Ta tarar da shi garau, a bakin garkarsa ta zogale da albasa, ya naɗe ƙafar wando yana karkatar da ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Tun da ya yi ritaya nan ne ajinsa. Ya wanke hannu, ya shiga 'yar bukkarsa ya fito da wani abu cikin leda, ya ajiye a kan tabarma a tsakaninsu, don ba ya miƙa mata abu hannu da hannu. Littafi ne, an buga shi a na'ura an ɗaure da zoben roba, shafi ɗari biyu da tamanin da takwas. Shekara shida ya yi yana rubuta labarin zamansa na malanta. Ya ce wani mai shagon buga takardu a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi ne ya juya masa daga rubutun hannu, shi ne kuma zai buga masa kwafi ɗari, sun ajiye rana, saura kwana talatin da shida. Ba wanda ya karanta a cikin dangi, ko Hafizu.

"Akwai wurin da ya shahi wadda aka ba," ya ce, yana duban wani reshen zogale. "In an kai nan, za a gane. In ba a yarda ba, a cire kahin a buga. Amsa nike jira."

Zalihatu ta rasa inda za ta sa kanta. Abin da ya fi mata sauƙi shi ne lissafi, sai ta fake da shi. Ta ciro waya ta buɗe wata manhaja da take tallata wa ɗalibanta masu shirin jarrabawa. Aikinta ba wuya: ka sa sunan littafi, da yawan shafukansa, da ranar da kake son gamawa, da lokacin da za ta riƙa tuna maka. Ita za ta raba ta faɗa maka rabonka na kowace rana. In ka karanta sai ka rubuta shafin da ka tsaya. Ta sa komai, ta zaɓi ƙarfe biyar na yamma, ta juya wayar ta ajiye a kan tabarma don ya gani. Shafi takwas a rana, farawa daga yau Asabar.

Malam Tanimu ya sa tabarau ya duba. Ya tambaya ko abin ba ya kuskure, ta ce ba ya yi. Ya ciro ɗan littafin aljihunsa, ya motsa leɓe yana ƙirga, ya rubuta wani abu ya mayar. Abin da ba ta faɗa masa ba, don ita ma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne takwas ɗin nan ba a kafe take ba. Kowace safiya manhajar takan dubi shafukan da suka rage da kwanakin da suka rage, ta sake rabawa.

Kwana biyar na farko Zalihatu ta cika alkawari. Ƙarfe biyar na yi wayar za ta yi ɗan kukanta, ita kuma ta shimfiɗa darduma a inuwar bishiyar bedi ta tsakar gida ta karanta. Abin ya ba ta mamaki, don ba ta san mahaifinta yana da ban dariya ba. Ya ba da labarin ƙauyen da aka fara tura shi, inda ajin zana ne, akuya ta cinye rabin bangon gabas kafin hutu. Ya ambaci sunan kowane ɗalibi, da kowace rijiya, da jakin mai gari. Haihuwarta layi ɗaya ta samu: "A shekarar nan aka yi mana ƙaruwa." Ta karanta layin sau uku, ta rufe littafin, ta rubuta arba'in a waya. Koriyar alamar nan mai nuna an cika rabon rana ta fito.

Rana ta shida aka fara jarrabawar gwaji, aka jibge mata takardun aji huɗu. Kwana uku ba ta buɗe littafin ba. Da ta duba wayar a rana ta tara, ta shirya jin kunya, sai ta ga an rubuta da Faransanci mai ladabi cewa an daidaita shirinta, rabon yau shafi tara. Ɗaya kacal aka ƙara. Ta yi dariya ta ce ashe abin da sauƙi. Ta karanta tara, washegari ma tara, ta tsaya a hamsin da takwas.

Nan fa manhajar ta zama irin ƙawar da ba ta taɓa gaya maka gaskiya mai ɗaci, alhali ƙarya ma ba ta yi ba. Shafin da aka tsallake ba ya ɓacewa, ana dai yayyafa shi ne a kan sauran kwanaki, siriri siriri, har ba ka jin nauyinsa. Aka yi bikin 'yar abokin kasuwancin mijinta, aka yi baƙi daga Damagaram, aka yi taron malamai. Kwana biyar suka wuce. Kullum ƙarfe biyar wayar ta yi kuka, kullum Zalihatu ta shafe saƙon da babban yatsa tana cewa gobe. Ba ƙin littafin take ba. In za a faɗi gaskiya, tsoronsa take ji, don kowane shafi yana kusantar da ita ga wurin nan da aka ce za ta gane.

Ranar Lahadi, kwana na goma sha shida, rabon ya kai goma sha ɗaya. Ta zauna ta karanta su tas, ta rubuta sittin da tara, kore ya fito. Ko minti goma ba a yi ba sai ga kiran Hafizu, ya ce ga Baba. Mutumin da bai taɓa neman ta a waya ba. Bayan an gaisa da gidan gaba ɗaya, har da zafin bazara, ya yi gyaran murya.

"Ana bin abin nan na waya?"

"Ana bi, Baba. Yanzun nan ma na cika na yau."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya. Na yau ta cika. Shi kuwa tsohon malamin da ya koyar da jadawalin ninkawa shekara talatin da biyar, takwas sau goma sha shida ya buga a kansa, ya samu ɗari da ashirin da takwas. Ya ce madalla, ya miƙa wa Hafizu waya.

Makon da ya biyo baya na cike sakamakon ɗalibai ne, ba ta taɓa littafin ba. Ranar Asabar da hantsi, tana madafa da ɗaurin ƙirji, Salima ƙanwar mijinta, wadda ke zaune da su tana karatun aikin jinya, ta leƙo ta ce ga Baban Jiratawa nan a falo tare da Yaya Maman Lawali. Zalihatu ta ce wane Baban? A shekara goma sha takwas na aurenta sau biyu ya taka gidan, duka ranar suna. Ta leƙa ta labule. Ga shi nan zaune a bakin kujera, cikin farar babbar rigarsa ta Idi, da sabuwar hula, ya sha aski. Ya baro garka ranar ban ruwa, ya hau mota da zafin nan, ya zo.

Ta koma madafa ta jawo waya kamar mai neman ceto. Shafi sittin da tara, saura kwana goma sha biyar, rabon yau goma sha biyar. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta tabbata littafin ya zo tambaya, kuma idan ta durƙusa gabansa ya ce an kai ina, ba ta da bakin da za ta ce sittin da tara. Sai ta yi abin da ɗalibanta ke yi ranar da ba su yi aikin gida ba. Ta zuba ruwan sanyi a kwanon sha, ta ɗora a faranti, ta ce wa Salima ta kai, ita miya za ta kama.

Salima ta dawo ta ce ya dubi ruwan, ya dubi ƙofa, ya ce a ajiye.

Zalihatu ta gaishe shi daga bayan labule, ya amsa. Ta aika da abinci, ta aika da fura, duk ta hannun Salima. Maman Lawali ya yi ta jan sa da hira, kan hanyar Kwatano da farashin albasa, shi kuwa yana amsawa da to, to. Ya zauna har aka kira azahar, suka je masallaci suka dawo, ya sake zama. Da la'asar ta gabato ya miƙe ya ce zai koma, kada ruwa ya wuce shi. Da Salima ta kwaso kwanuka, abincin an ɗan taɓa, furar ma haka. Kwanon ruwa kuwa yana nan a cike, har ya huce. Zalihatu ta zubar a gindin bedi, ta ji daɗi a ranta cewa bai tambaya ba.

Washegari Hafizu ya kira da saƙo. Baba ya ce kada a matsa wa kai da karatun nan, ya samu amsarsa, a karanta a hankali duk lokacin da aka samu sarari. Ta tambaya wace amsa, Hafizu ya ce shi dai haka aka ce ya faɗa. Ta ɗauka tsohon ya gane aiki ya yi mata yawa, ya tausaya. Wani sanyi ya ratsa ta. Ta buɗe wayar, rabon ranar goma sha shida. A ƙarƙashin lambar akwai wani wuri da ta daɗe tana gani ba ta taɓa ba, inda ake ɗage ranar gamawa. Ta ƙara mako biyu. Nan take goma sha shida ta koma takwas, kamar ba a taɓa yin latti ba.

Kuma wannan karon ta riƙe. Kwana tara a jere, takwas takwas, kore bayan kore. Da nauyi ya sauka sai karatun ya yi mata daɗi. Ta bi shi ƙauye ƙauye, ta ga shekarar yunwa da ya riƙa raba tuwonsa da yaran aji, ta ga rasuwar mahaifiyarta a shafi biyu da ya rubuta ba tare da ya ambaci kuka ba ko sau ɗaya, ita ta yi masa kukan. Har ta fara shirya abin da za ta ce masa idan ta gama. Ranar Litinin ta tsaya a ɗari da arba'in da ɗaya, daidai inda takardar canjin aiki zuwa Tibiri ta iso hannunsa.

Ranar Talata da safe maƙwabtan garka suka tsince shi kwance a bakin fangali, ruwa na malala ta gefensa ba mai tarewa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kawo shi asibiti cikin Maraɗi. Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai a jira a ga abin da Allah zai yi. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka gargaɗe su kada a ba shi komai ta baki, don maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, ko ruwa zai iya sarƙe shi ya shiga huhu.

Ranar Laraba da yamma ita da Hafizu suna zaune a barandar ɗakin, Gwaggo Tsahara tana ciki tana jan carbi. Hafizu, don dai a yi magana, ya ce ko littafin nasa ma bai ga fitowarsa ba, ga shi har gyara na ƙarshe ya sa an yi. Ta ce wane gyara? Ya ce ai ranar da ya dawo daga gidanta bai ci tuwon dare ba, washegari ya aike shi Sabon Gari da 'yar takarda, ya ce a cire shafi huɗu daga na'ura kafin a buga.

"Waɗanne?"

"Ɗari da sittin da ukku zuwa da shidda. Ni ban san mi ke ciki ba, Yaya. Na aza ke kika ce a cire."

Littafin yana cikin jakarta, ta zo da shi don zaman jinya. Ta buɗe. Daga inda ta sa tsinken alama zuwa wurin, shafi ashirin da biyu ne, abin da ba zai ci mata awa ɗaya ba. Kalmar farko a saman shafin ita ce sunanta.

"Zalihatu. Ga shi na rubuta, tun da baki ya kasa. Shekarar da kika zauna ajina a Tibiri, ke ce kika zo ta ɗaya. Kin fi Idirisa da maki ɗaya da rabi. Na zauna da takardunku a ofis na ji tsoron abin da iyayen yara za su ce, cewa Malam Tanimu ya ba 'yarsa kyautar. Na rage miki maki biyu a lissafi, inda ba ki yi kuskure ko ɗaya ba, na ƙi raba takardun. Bai ishe ni ba, na kira ki mai sakaci a gaban mutane don kada a zarge ni. Na ga hannunki bai ƙara tashi ba, na san dalili, na yi shiru shekara ashirin da tara. Na kira abin kunya, amma ba kunya ba ce, tsoro ne, kuma zalunci ne."

Ta ci gaba, haruffan na narkewa tana share ido da bakin mayafi. Ya rubuta yadda ya bi labarinta daga nesa, yadda ranar da ta ci jarrabawar shiga makarantar malamai ya shiga gona ya yi sujada inda ba mai ganinsa. A shafi na ƙarshe cikin huɗun ya zo kan abin da yake roƙo.

"Na san ni da ke ba mu iya magana ba, ni na koya miki haka. Saboda haka ba zan sa ki faɗi komai ba. Idan na ƙirga kin wuce nan zan zo gidanki. In kin yafe, ki kawo mini ruwa da hannunki. In kin aiko wani da shi, na gane, ba kuma zan ga laifinki ba, zan cire shafukan nan kada in tona abin da ba ki so."

Zalihatu ba ta yi ihu ba. Kanta ne ya shiga aikin da ya saba, ba tare da ta sa shi ba. Takwas sau ashirin da ɗaya, ɗari da sittin da takwas: ranar Juma'a ke nan a lissafinsa, ya ƙara mata kwana guda don ta huce, ya zo Asabar da rigar Idi. Sai lissafi na biyu, wanda ya fi zafi. Da ba ta ɗage ranar ba, da ta bi goma sha shida a rana, kwana shida za su kai ta nan. Da ta karanta shi ranar Juma'ar da ta wuce, yana tsaye da ƙafafunsa cikin zogale, kwana huɗu kafin ya faɗi. Ta sake dubawa sau biyu kamar yadda ta saba, ba kuskure. Baƙin ciki ya kama ta, ba kuma wanda za ta ɗora wa laifin. Wayar ba ta ɓoye mata komai ba, ita ce ta zaɓi lambar da ta fi daɗin kallo.

Hafizu yana tambayar ta lafiya, ta miƙe. Ta ɗauko kwanon shan da suka zo da shi, ta je famfo ta wanke shi sau uku, ta cika da ruwan sanyi daga kula. A bakin ƙofa malamar jinya ta tare ta, ta tuna mata abin da likita ya ce. Zalihatu ta ce ta sani, ba sha zai yi ba. Matar ta dubi fuskarta, ta ɗauko auduga mai tsabta ta ba ta, ta ce ta jiƙa ta matse, leɓensa kawai za ta shafa.

Ta shiga riƙe da kwanon da hannu biyu. Gwaggo Tsahara ta tsayar da carbi tana kallon ikon Allah, don ba ta taɓa ganin yarinyar da ta riƙe tun yaye ta matsa kusa da ubanta haka ba. Zalihatu ta durƙusa a gefen gadon, ta ɓangaren hagu inda jikinsa ke da sauran ji. Idonsa a buɗe yake.

"Baba, ga ruwa. Ni na kawo, da hannuna. Ban kai wurin ba ranar nan, wallahi ban kai ba. Yanzu na karanta. Na yahe, Baba. Zalihatu ce."

Ta tsoma audugar ta matse, ta shafa a busasshen leɓensa. Leɓen ya ɗan motsa. Ta sake tsomawa, ta sake shafawa. A cikin jaka wayar ta yi ɗan kukanta na ƙarfe biyar, ta daidaita shirin saboda Talatar da aka tsallake, rabon yau shafi tara. Ba wanda ya kula ta.

A hankali idon Malam Tanimu ya bar silin, ya gangaro, ya zo daidai fuskarta, bai tsaya ba, ya wuce ya sauka a kan bango. Likita ya riga ya gaya musu cewa masu irin ciwon nan idonsu kan karkata gefe guda, ba da saninsu ba. Amma haka kuma ya dube ta duk tsawon rayuwarta, duk lokacin da ya san ita ce a gabansa.

Ranar Juma'a da safe ya cika. Zalihatu ta je Sabon Gari da kwafinta, wanda shi kaɗai ya rage da shafukan nan huɗu, ta sa aka mayar da su inda suke. Mutane sun karanta, wasu sun zo har gida suna ce mata ai ya ji, tabbas ya ji, ta ce musu Allah ya sa. Ta yi shekaru tana koya wa yara cewa kowane lissafi yana da hanyar da ake tabbatar da amsarsa. Wannan ta juya shi ta kowace fuska, har yau ba ta san ko ciwo ne ya kai idonsa bango ba, ko kuwa ya gane ta ne.